Amsar da Auta Ta Tura

Su biyu ne a gidan, Umma da 'yarta Auta mai shekara goma sha biyu. Umma ce shugabar mata shida da ke wanki da guga a wani asibiti. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin rubutun waya, saboda haka Auta ke karanta mata saƙonnin neman uzuri, ita kuma ke rubuta amsa.

Umma ta koya mata tsarin daki-daki. A fara da gaisuwa. In an faɗi dalili kuma akwai mai riƙe wurin, a ce: "Ba komai, Allah ya sawwaƙe, yaushe za ki dawo?" In ba a faɗi dalili ba, a tambaya a hankali: "Lafiya dai? Kwana nawa kike bukata?" In ba hali, a ba da haƙuri, a faɗi abin da ya hana, a ba mutum wata rana.

Wata Talata da yamma Umma na banɗaki saƙo ya shigo daga Iya mai guga: "Gobe ba zan samu zuwa ba." Iyakarsa ke nan.

Auta ta duba takardar aiki da ke manne a bango. Mata biyu sun riga sun karɓi hutun Laraba. Ta rubuta: "Sannu Iya. Ki yi haƙuri, gobe mutum biyu ba sa nan, zanuwan ɗakin haihuwa kuma ba sa jira. Ki ɗauki Alhamis." Ta tura tana jin daɗin kanta.

"To," in ji Iya.

Da Umma ta fito, Auta ta karanta mata duka.

"Kin tambaye ta dalili?"

"Ai ba ta faɗa ba, Umma."

"Iya ba ta faɗa sai an tambaya, sarkin azarɓaɓi. Kira min ita."

Sau uku suna kira, wayar a kashe.

Washegari Umma ta tarar da Iya ta riga kowa isowa, ta ninke zani talatin.

"Iya, lafiya kuwa?"

"Jikin maigidan ne. Amma tunda kin ce ba mutane..."

"Ajiye dutsen gugar nan ki tafi yanzu!"

Iya na ɗaura ɗankwali maƙwabciyarta ta shigo ɗakin wankin. Ba ta yi sallama ba, ta dai kama hannun Iya. Mijin Iya ya cika bayan fitowarta, ba kowa a kansa.

A wurin gaisuwa Umma ta durƙusa ta ce, "Ni na hana ki, ki yafe min." Ba ta ambaci Auta ba. Iya ta shafa kan yarinyar ta ce saƙon ai da ladabi aka rubuta shi.

Suka kama hanyar gida. Auta ta gane cewa duk ladabin da ta zuba bai kai tambayar da ta tsallake ba.