Kan Keke a Kan Sikeli

Mako guda kafin tafiyar Tela, falon Yaya Babba ya koma ofishin aika saƙo. Mata na shigowa da ƙunshe-ƙunshe a leda, Yaya na ɗora su a ƙaramin sikelinta na kicin, tana karɓar na goro a kan kowane kilo. Ita dai taimakon zumunci take kiran abin. Wadda za ta ɗauki zumuncin har wata ƙasa kuwa, wato Tela, matar ƙanenta, ba wanda ya tambaye ta.

Tela za ta bi mijinta ne can inda ya samu aiki. Abu ɗaya ta ƙi rabuwa da shi, kan kekenta na ɗinki, baƙin ƙarfe mai kilo goma sha huɗu. Da shi take ci, da shi take sha, kuma ta riga ta ƙudurta ba za ta je baƙuwar ƙasa ta zauna tana miƙa wa miji hannu a kan kuɗin sabulu ba. Ta naɗe shi da bargo ta shimfiɗa a ƙasan babban akwati. Da safe ta tarar Yaya ta sake shirya kayan "don su zauna da kyau", har dutsen gugarta da almakashinta sun koma jakar hannu saboda su ba ƙunshin wata Hajiya wuri.

A filin jirgi Yaya ce a gaba. Sau ɗaya ta taɓa hawa jirgi, tun Tela na firamare, kuma har yau dangi ba su gama jin labarin ba.

Ma'aikaciyar da ke kantar awon kaya ta karɓi fasfo, ta duba kwamfuta ba tare da ta ɗago ba.

"Akwati biyu, kowane kilo ashirin da uku. Ɗora na farko."

Tela da wani fasinja suka kama babban akwatin suka ɗora. Sikeli ya nuna talatin da huɗu. Ƙaramin ya nuna goma sha tara.

"Wannan ba zai shiga ba," in ji ma'aikaciyar.

"Haba 'yata," Yaya ta jingina da kantar tana murmushin da take wa masu tumatir. "Ashirin da uku biyu ai arba'in da shida ke nan. Ɗan bakwai ɗin nan da ya hau, ki faɗi na kilo ɗaya mu daidaita."

"Mama, wannan tikitin na ƙidayar akwati ne. Ba a haɗa nauyi, kowane da nasa hisabin. Kuma ba ma lissafin kilo-kilo. Akwati in ya wuce ashirin da uku, tara ɗaya ce, ko kilo ɗaya ya ƙaru ko kilo tara, har zuwa talatin da biyu. In ya wuce talatin da biyu, ko nawa za ki biya ba ma karɓa. Mutane ne ke ɗaga shi a ƙasa, suna da baya."

Ta faɗi tarar. Tela ta auna ta a ranta: ɗinkin wata guda cif, har da na dare.

"To mu sayi jaka mu raba uku," in ji Yaya.

"Akwati na uku ya fi wannan tsada."

"Ki rage mana."

"Ba ni na sa ba. Ku matsa gefe ku gyara, akwai mutane a bayanku."

Suka ja kayan zuwa jikin wani ginshiƙi, inda tuni wani bawan Allah ke durƙushe yana saka riga a kan riga, ya fi ƙarfin huɗu, gumi na bin gemunsa. Tela ta zuge babban akwatin. Ƙunshe-ƙunshen Yaya suka kumburo kamar an ba su iska.

"Ai magana ta ƙare," in ji Yaya, bayan ta yi lissafi da yatsu. "Amarya, ciro ƙarfen nan naki." Shekara shida da auren, har yanzu Amarya ce in ana son wani abu a wurinta. "In ya fita, wannan ya koma ashirin, wancan sha tara. Ba tara, ba surutu. Har wurin kilo bakwai ma zai ragu, ga wata 'yar leda da na baro a bayan mota."

Ashe ma an zo da ledar.

"Yaya, keken fa da shi nake aiki."

"Can ba kekuna? Mijinki ya saya miki mai lantarki. Ko ki riƙe shi a hannu."

"Jakar hannu kilo bakwai ce."

"To kin gani, Allah bai yi tafiyarsa ba. Zan ajiye miki a ɗaki."

Tela ta san ɗakin. Firjin surukarta ma can aka ajiye shi, bayan wata biyu aka gan shi a shagon mai ƙanƙara.

Tela ta ɗauko ƙunshi huɗu ta cusa a ƙaramin akwati, ta ja shi zuwa sikelin gwaji da ke gefe: ashirin da uku daidai. Babban ya koma talatin. Sai ta fara ciro sauran ƙunshe-ƙunshen ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a gaban takalman Yaya.

"Me kike yi haka?"

"Kilo bakwai nake ragewa, Yaya. Ni ba ni da kuɗin tara. Sai ki mayar wa masu su, ki ce Allah bai yi tafiyarsu ba."

"Na matar likita ne wannan! Wancan na Hajiyar kan kwana ne!"

"Ai kin san gidajensu."

Yaya ta san gidajen, ta kuma san bakin matan da ke ciki. Na goron da ta karɓa kuwa tuni ya zama leshin da ke jikinta. Ta kira sunan zumunci, ta kira tarbiyya, ta tuna wa Tela wanda ya yi tsaye a bikinta. Tela na ta jera kaya. Can aka yi shela za a rufe kantar. Yaya ta juya baya ga jama'a, ta zuge aljihun ciki na jakarta, wanda dangi suka daɗe suna rantsuwa babu shi.

A wurin biya ta sake neman ragi, aka sake hana ta. Ta dawo da rasit tana riƙe da shi kamar takardar sammaci, Tela kuwa ta mayar da ƙunshe-ƙunshen cikin babban akwatin.

"Talatin," in ji ma'aikaciyar da aka sake ɗora babban akwatin. "Kun biya har talatin da biyu, in akwai abin ƙarawa."

Idon Yaya ya buɗe. "Kilo biyu kyauta? Ki tsaya! Kar ki tura, yanzu zan dawo!" Ta tattare leshi ta nufi wurin ajiye motoci da saurin da likita ya hana ta.

Tela ta buɗe jakar hannunta. Almakashin dama masu bincike za su ƙwace shi a ƙofar gaba. Ta zura shi cikin akwatin, ta bi shi da dutsen guga da ƙullin zare. Sikeli ya nuna talatin da ɗaya da ɗigo takwas.

"A jira Mama?"

"A'a, tura."

Ma'aikaciyar ta ɗaura wa akwatin alamar kaya mai nauyi, ta danna maɓalli. Tela ta tsaya har ya shige bayan labulen roba, sannan ta karɓi katin shiga jirgi. Tana cikin layin bincike ta hango Yaya ta dawo da leda a ka, tana haki, tana wa mai gadin ƙofa bayanin cewa tana bin kamfanin jirgin kilo biyu.