Jan Bawul na Hannun Dama

Tafinta ya kai shekara tara yana fassara littattafan injina daga Italiyanci zuwa Hausa, kuma duk a kan teburi ɗaya, wanda aka matse tsakanin firij da taga. Makaranta bai yi nisa ba. Italiyancin a bakin inji ya koye shi, shekarun da ya yi yana aikin masana'anta a can, har bayansa ya ce ya isa haka, ya tattara ya dawo gida.

Littattafan nan duk uwarsu ɗaya. A kashe wuta, a sa safar hannu, kada a cire murfi, a duba zane na kaza. Shi ya sa mai ofishin da ke ba shi aiki ta sa masa manhaja mai rumbu. Manhajar tana yanka littafi jimla-jimla, duk jimlar da ya fassara sai ta ajiye ta tare da Italiyancinta. In sabon littafi ya zo, jimlar da ta yi daidai da ta rumbu harafi da harafi sai ta cika da kanta, ta yi kore, a rubuta ɗari bisa ɗari. Wadda ta yi kama kawai ta fito da ruwan ɗorawa, ya gyara. Wadda ba a taɓa gani ba tana nan fara, tana jiransa. Hotuna da zane kuwa ba sa shigowa cikin manhajar sam, suna can cikin littafin asali.

Wancan makon an turo littafin sabon injin naɗe sabulu, jimla dubu uku da ɗari biyu, kuma dubu biyu da ɗari tara sun zo kore.

"Kada ka wahalar da kanka da korayen," mai ofis ta ce masa a waya. "Ai kai ka fassara su da hannunka a littafin tsohon injin. Alhamis suke so, ka ɓoye su ka yi sauran."

Ya ɓoye su. Idanunsa ma sun gode masa. Ranar Alhamis ya miƙa aikin.

Ranar Litinin da safe yana zaune da kofin shayi da ya riga ya huce, babbar 'yarsa ta fito cikin rigar aiki. Uwata yake kiranta. A masana'antar sabulun da ta sayi injin take aiki, shekara biyu ke nan, kuma shekara biyun nan bai taɓa barin ta fita ba tare da ya kalli hannuwanta ba.

"Baba, yau za mu tayar da amaryar," ta ce tana ɗaura takalmi. "Sabon injin nan. An manna katin gargaɗin da ka fassara a jikinta. Ko ban karanta ba na haddace. A kashe wuta. A rufe bawul ɗin iska, wato jan nan na hannun dama."

"Ki dai karanta."

"Na karanta, ranka ya daɗe. Magana ɗaya ce da ta tsohon."

"Ki ɗaure hannun rigarki. Kuma ban da zobe."

"Baban yara, ka bar yarinya ta tafi," matarsa ta ce daga kicin. "Kullum sai ka ƙirga mata yatsu kamar wani ya ce zai ara."

Uwata ta yi dariya, ta nuna masa hoton da ta ɗauka jiya a gaban injin, ta ce ƙarfe sha biyu za ta share wa injin baki, lokacin canjin ma'aikata. Ta fita.

Ya buɗe kwamfuta kan wani littafin, na injin wanke kwalabe. A kashe wuta. A sa safar hannu. Ya yi awa biyu yana danna maɓalli ɗaya, amma wani abu yana masa ƙaiƙayi a rai. Jan nan na hannun dama. Ya san waɗannan kalmomin, nasa ne. Sai dai bai tuna ya taɓa ganinsu da Italiyanci ba.

Ya binciki rumbun. Ga jimlar, da kwanan wata na shekara huɗu da suka wuce. Italiyancin cewa ya yi a rufe bawul ɗin iska, a duba zane na bakwai, iyakarsa ke nan. Sauran shi ya ƙara. Ya tuna ranar ma: shugaban sashen naɗi na masana'antar sabulun ya yi ƙorafi ma'aikata ba sa duba zane, shi kuwa don ya taimaka ya rubuta musu launi da wuri. Rumbu ya haɗiye taimakon ya ajiye. Da sabon littafi ya zo da jimlar nan ba ko ɗigo da ya canza, sai ya mayar masa da ita kore shar.

Ya buɗe littafin asali na sabon injin, ya gangara zuwa zane na bakwai. Bawul ɗin iska shuɗi ne, yana baya, ƙasa-ƙasa. Akwai ja a hannun dama, amma na ruwan sanyaya inji ne.

Ya daɗe yana kallon zanen. Ya san bakin injin nan, ƙarafa biyu masu zafi da ke haɗuwa su manne leda. Iska ke tura su. Ko an kashe wuta, in iska na ciki kuma leda ta toshe su a rabin hanya, da an zare ledar za su ƙarasa tafiyarsu.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Ya kira wayar Uwata, tana ta ringi, ya san tana cikin akwatin ajiya, ba a shiga sashe da waya. Ya kira ofishin masana'antar, aka ce ya dakata, aka bar shi da kiɗa. Ya kira mai ofis.

"Ɗari bisa ɗari ce fa," ta ce. "Manhajar ba ta kuskure a wannan."

"Ba ita ta yi ba, Hajiya. Ni na yi, ita ta riƙe min."

"To bari in rubuta musu wasiƙa, zuwa yamma sun gani."

Ya buga zanen a takarda, ya zura takalmi. Matarsa ta biyo shi bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Lafiya?"

"Gyara zan kai."

Ta dubi fuskarsa. Ta miƙo masa tabaransa da ya manta.

Bas ɗin ya tsaya a kowace tasha kamar da gangan. Wata mata ta shigo da katifa, aka yi minti biyar ana gardamar inda za a sa ta. Tafinta yana tsaye, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya riƙe da takardar da gumi ya fara jiƙawa. A bakin masana'anta maigadi ya ce sai da takardar izini.

"'Yata ce a ciki."

"Kowa da 'yarsa a ciki, Baba."

"Ni na rubuta katin da ke jikin sabon injin, kuma akwai kuskure. Kira min shugaban sashen naɗi, ka ce Tafinta ne."

Sha biyu da minti huɗu shugaban ya fito, ƙato mai ƙaramar murya, ya ba shi hular kwano, suka ratsa tsakanin kwalaye. Ƙamshin sabulu har yana ɗaci a maƙogwaro.

Injin a kashe yake. An buɗe murfin gefe da mabuɗi. Uwata tana tsugune a gabansa da safar hannu, ledar da ta narke ta cushe a bakin ƙarfen, amma hannuwanta suna kan gwiwoyinta. Wata abokiyar aikinta tana tsaye a kanta.

"Ki sa hannu mana mu tafi mu ci abinci. Kin rufe jan, me kuma kike jira?"

"Allurar agogon iska ba ta sauka ba."

"Sabon agogo ne, ya maƙale. Katin Babanki ne fa, ko shi ma ba ki yarda da shi ba?"

Uwata ta dubi katin, ta dubi allurar, ta ja safar hannunta sama. Sannan ta ga babanta.

"Baba? Me ya faru a gida?"

"Tashi daga nan tukuna, Uwata."

Ya miƙa wa shugaban takardar. Mutumin ya duba, ya zagaya bayan injin, ya durƙusa, ya ga shuɗin a buɗe. Ya sa kowa ya ja baya, ya ɗauki sandar tsintsiya ya zunguro ledar. Ƙarafan biyu suka haɗu da ƙara ɗaya, kan sandar ya faɗo ƙasa a murƙushe.

Abokiyar aikin ta yi salati a hankali. Shugaban ya rufe shuɗin, iska ta fita da huci, allura ta kwanta.

"Da kin sa hannun?" Tafinta ya tambaya.

"Ban sani ba, Baba. Na ce a raina ai kai ka rubuta."

Ya nemi wuri ya zauna a kan kwalin sabulu. Shugaban ya ɓalle katin daga jikin injin ya naɗe shi.

"Ni na roƙe ka ka ƙara maganar jan nan, na tuna," ya ce. "Amma Tafinta, sauran littafin fa? Akwai irinta nawa?"

"Ban sani ba."

"To injin zai kwana a kashe har ka sani. Ni zan je in sha faɗan manaja."

Uwata ta raka shi bakin ƙofa. Ta cire safar, ta buɗe masa tafukanta a fuska.

"Ƙirga. Na san ba za ka iya tafiya ba sai ka ƙirga."

Ya ture hannun, amma ya ƙirga.

Da la'asar yana kan teburinsa. Ya goge ƙarin daga rumbunsa, ya bar jimlar yadda Italiyancin ya faɗe ta. Ya rubuta wa mai ofis ta gyara nata rumbun, wanda wasu tafintoci biyu ke sha daga ciki, ta kuma duba ko jimlar ta shiga wani littafin. Ta amsa da cewa za ta duba, ta ƙara da tambayar ina aka kwana kan injin kwalabe.

Matarsa ta ajiye masa abinci a gefen kwamfuta, ta tsaya tana kallon allon. Ya cire abin da ya ɓoye korayen, suka zubo layi-layi ba iyaka. Ya buɗe littafin asali a gefe, da zanensa.

"Duk waɗannan za ka karanta?"

"Dubu biyu da ɗari tara."

"Ba ka ce kwamfutar ta riga ta yi su ba?"

"Ta yi."

Ta ja labulen taga don hasken ya daina dukan idonsa. Ya gyara tabarau, ya sa matashi a bayansa, ya fara daga ta farko. A kashe wuta kafin kowane gyara. Ya duba Italiyancin, ya duba zanen, ya wuce ta biyu.