Saƙo Daga Wayar Marigayi

Kwana hamsin da rasuwar direban kamfanin burodi a haɗarin motar aiki, ƙanensa ya ji ana neman wanda zai maye gurbinsa. Shi ma direba ne, wata bakwai yana zaune, ga matar marigayi da yara uku sun dawo wuyansa. An ce ba sai an kai takarda ba, a tura wa manaja saƙo ta manhajar hira.

To, wayarsa ƙarama ce mai maɓalli, kira kawai take yi. Sai matar yayan nasa ta ciro ta marigayi daga ƙasan akwati, ta sa mata caji. Da ta kawo wuta, hoton marigayi ya fito yana dariya.

Ya zauna bakin katifa bayan azahar yana rubutu, har da tarihin gidansu. Ta leƙa ta kafaɗarsa, ta ce shi da ko gaisuwa sai an ja shi, yau ga shi zai rubuta littafi. Manya ba sa karanta dogon saƙo, in ji ta, ya rage. Ya yi ta gogewa, ya goge tarihin, garin gogewa har da layin da sunansa yake. Abin da ya saura ke nan:

“Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina neman aikin direban da kuka sanar. Ina da lasisi da ƙwarewar shekara tara. Ga hoton lasisin nan tafe. A shirye nake in fara gobe. Na gode.”

Ya tura, ya koma laluben lasisi a aljihu. Ya Allah, ko ɗayansu bai tuna ba cewa a wayar manaja lambar nan da sunan marigayi take, da fuskarsa a kai.

Alama biyu suka fito, suka koma shuɗi. An karanta. A saman allo aka nuna manaja yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa. Can sai ga saƙon murya, daƙiƙa goma sha ɗaya.

Da farko numfashi kawai ake ji. Sannan murya, ƙasa-ƙasa, tana rawa:

“Ka yi wa Allah ka bar ni. Na san ka ce a gyara birkin. Sau uku ka ce. Ka yafe mini.”

Ya yi maza ya rubuta cewa ƙanen marigayi ne, ya haɗa da lasisin. Amma hoton manaja ya riga ya ɓace, saura farin da'ira. Saƙon ya tsaya da alama ɗaya. An toshe lambar.

Ya miƙe, wai bari ya je da ƙafarsa ya yi bayani, kada aikin ya wuce shi. Matar ta riƙe gefen rigarsa. Ita ranar haɗarin ce mata aka yi taya ce ta fashe, ba wanda ya ambaci birki.

“Zauna, baban yara,” ta ce a hankali. “Ba za ka tuƙa musu mota ba.”

Ya zauna.