Wurin Isyaku a Hoton Suna

Khamisu mai hoto ya gaji da wannan aiki tun kafin ya gama shi. Shagonsa na bakin kasuwar Gezawa kamar tanda, janareto na tari, ga Abdurra'uf a tsaye a kansa, ga mahaifiyar Abdurra'uf ɗin, Inna Turai, zaune a benci ta ƙi komawa ƙauye sai da hoto a hannu.

Hoton na ranar sunan jikarta ne. Khamisu da kansa ya ɗauka da babbar kyamara, a ƙofar gidan su Inna bayan la'asar, rana na dukan kowa ta hagu. Ya fito tar, har zaren hula kana ƙirgawa. Mutum ɗaya ne babu: Isyaku, ɗan farin Inna, wanda motar shanu ta kife da shi bara, ya rasu. Shi take so a saka.

To, da me za a saka shi? Hotonsa guda ne a duniya, wani abokinsa ya ɗauke shi da ƙaramar waya a kara, kasuwar shanu, da tsakar rana, hula ta rufe masa idanu da inuwa. Kuma hoton ya sha yawo daga waya zuwa waya har ya koma dishi-dishi.

Khamisu ya yi iya yinsa, Allah ya sani. Ya yanko Isyaku daga cikin shanu, ya ɗaga inuwar idanun, ya ɗora masa jan hasken yamma a ɓarin da rana ke dukan sauran, ya rage na ɗaya ɓarin. Haske dai ya zauna. Kaifi ne ya gagara, don abin da waya ba ta ɗauka ba, babu mai dawo da shi.

"Malam Khamisu, ba akwai manhajar da ke wanke fuska ba?" in ji Abdurra'uf.

Akwai kam. Khamisu ya saka, ta fito da wani santalelen saurayi mai siririn hanci da haƙora jere reras. Inna ta leƙo kwamfutar.

"Wannan kuma ɗan gidan uban waye?"

Aka goge.

Dabara ɗaya ta rage. Kyamara ta kama sahun gaba ne, na can baya sun ɗan yi laushi. Sai ya kai Isyaku ƙarshen sahun baya, ya rage shi har kansa ya zo daidai da na maƙwabcinsa, ya ɓoye rabin jikinsa a bayan kafaɗar wani kawu. A ƙanƙance haka, dishi-dishin ya ɓuya. Wallahi ko Khamisu sai ya duba sau biyu yake gane shi ya dasa shi.

"Madalla!" in ji Abdurra'uf. "Dama Inna ba ta zama kusa da Yaya. Ya yi daidai."

Gaskiya ya faɗa. Inna irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta kama sunansa, ba ta wasa da shi, in ya shigo gaisuwa daga bakin ƙofa yake tsugunawa ta amsa tana kallon bango. Kakarsa ce ma ta raine shi.

Inna ta daɗe tana kallo. Khamisu har ya kai hannu zai buga hoton, cikinsa na kiran ciroma.

"Ɗan nan, dawo da shi nan." Ta ɗora yatsa a kan tabarmar da ke cikin hoton, gefenta, inda aka ajiye buta.

Khamisu ya sauke numfashi. Haushi ya kama shi, ba zai ɓoye ba. "Inna, a tsaye yake a hotonsa. Wannan mai sauƙi ne, in ara masa zaman wani, in yi masa inuwa ta faɗi dama kamar ta kowa. Amma in ya zo gaba sai na ƙara girmansa, kuma duk ƙarin da na yi, dushewar ƙaruwa take. Ke tar, shi hazo-hazo. Ko makaho ya san liƙi ne."

"Babu magani?"

"Sai dai in dusar da ku gaba ɗaya, ku sauko inda yake. Hoton zai zama kamar na tsohuwar waya."

"Haba Inna!" Abdurra'uf ya zabura. "Hoton sunan 'yata ne fa! Fuskar jaririyar ma ba za ta fito ba. Kuma me mutane za su ce, ke da ɗan fari kafaɗa da kafaɗa?"

"Su ce." Muryarta ba ta tashi ba, gajiya ce zalla a cikinta. "Ku ina ganinku kullum, fuskokinku har sun ishe ni. Shi kuwa tun yana zanin goyo nake tura shi baya don kada a ce. An daina cewa, shi kuma ya tafi. Ina kewarsa, Abdurra'uf. Ban taɓa zama kusa da yaron nan ba."

Khamisu ya cire butar, ya zaunar da Isyaku, ya auna kansa da na ƙannensa da ke sahu ɗaya. Sannan ya kama sauran hoton yana rage masa kaifi kaɗan-kaɗan. Aikin hulunan ya narke, idon jaririya ya zama ɗigo biyu, kyamararsa mai tsada ta tashi a banza. Ya tsaya ya waiwayo.

Inna ta matso har numfashinta na taɓa gilashin kwamfutar.

"Har yanzu na fi shi fitowa," ta ce. "Ƙara."