Rumfar da Aka Rubuta Wa "Babu Kowa"

A shekarar da soja suka miƙa mulki ne Ɗantani mai hoto ya samu shiga wani kamfani na Landan da ke sayar da hotuna ta intanet. Shi nasa yawo ne: kasuwannin Kano, 'yan achaɓa a mahaɗar titi, masu tumatir a Kiru, masunta a bakin Tiga. Yana ɗauka a ƙananan fina-finan da ake kira silaid, ya ɗauki kowane abu sau biyu, ya aika ɗaya ya ajiye ɗaya. Can su ne ke saka su a na'ura su ɗora a shafinsu.

Amma hoto ba ya tafiya shi kaɗai, kuma nan ne aikin ƙanwarsa Balaraba yake. Ita ce mai Turancin gidan, tana buga tafireta a sakateriyar Kiru. Kowane hoto sai ta yi masa bayani: wane ne a ciki, me yake yi, a ina, yaushe. Sannan ta jera kalmomin da mai saye zai buga a kwamfuta hoton ya fito masa, kamar kasuwa, hatsi, mace, rana, ciniki. Dole kuma ta faɗi yawan mutanen da ke ciki, ko mutum ɗaya, ko biyu, ko taro, ko babu kowa. Masu zanen talla sukan nemi hoton da ba mutum, shi ya sa kamfanin ba ya wasa da wannan kalmar.

Sun riga sun sha gargaɗi. Akwai lokacin da ta kira dawa gero, akwai lokacin da ta ba wata kasuwar Doguwa sunan Tudun Wada, har wata mujalla ta buga haka ta dawo tana ƙorafi. Don haka ranar da Ɗantani ya sauko daga motar Kano da saƙon imel ɗin kamfanin da aka buga masa a takarda, tun daga tafiyarsa ta san ba lafiya.

Matar da ke duba hotuna a kamfanin ce ta rubuto. Ta ce akwai hoton wata rumfa da aka sa wa "babu kowa", alhali ga tsohuwa nan zaune a ciki da faifai a gabanta, tana kallon kamara. A gyara bayanin da kalmomin, a faɗi abin da take sayarwa. In gyaran bai zo daidai ba, za a sauke hotunan Ɗantani gaba ɗaya daga shafin.

Balaraba ta nemo na biyun silaid ɗin, ta ɗaga shi a hasken taga, ta kara gilashin dubawa a ido. Kasuwar mutanen da ruwan Tiga ya tasa ce, a ƙasar Bebeji, da tsakar rana. Rumfar kara, shararriya tas, da tabarma a shimfiɗe. Ta duba har idonta ya kawo ruwa. Tabarma kawai.

Ɗantani ma ya duba. Ya ce inuwar ta yi duhu ne, na'urar Turawa tana fito da abin da ido ba ya kamawa a cikin inuwa, ta dai rubuta tsohuwa a huta. Ta tambaye shi ko ya ga mutum ranar da ya ɗauka. Ya sosa ƙeya, ya ce shi tsaftar wurin ce ta ja shi.

"To Yaya, in rubuta tana sayar da me? In na ce gyaɗa, su kuma suna ganin kifi fa?"

Ranar kasuwa ta hau mota ita kaɗai.

Ba ta sha wuyar gane rumfar ba. Kasuwa ta ci ta cika, ko'ina turereniya, masu kifi da masu albasa har kan hanya, amma nan wurin babu wanda ya ajiye ko kwando. Abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne, duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗan rage murya ya yi sallama, ba tare da ya waiwaya ba.

A rumfar da ke kusa akwai wata dattijuwa mai sayar da kuka da kuɓewa, ana ce mata Gwaggo Kulsumu. Balaraba ta durƙusa ta gaishe ta, aka tambayi gida da gajiyar hanya, sannan ta fito da silaid ɗin ta yi bayani gwargwadon iyawarta. Da ta zo kan kalmar da ta rubuta, sai tsohuwar ta ajiye mudu.

"Kika ce me?"

"Babu kowa, Gwaggo. Haka tsarinsu yake."

"'Yar nan, mu nan ba ma faɗin haka. Sai dai mu ce mai wurin ta ɗan zaga."

Ta karɓi silaid ɗin ta ɗaga sama, ko gilashin ba ta nema ba. Ta daɗe tana kallo, sai ta yi wani ɗan murmushi, ta ce Dije ce mai daddawa, ga ma zanenta na saƙi. A tsohon gari rumfarsu ɗaya. Dije ta rasu ana saura kaɗan a kwaso mutane, aka binne ta can, ruwa ya zo ya rufe. Da aka raba rumfuna a sabuwar kasuwa sai aka ga ta tsakiyar nan duk wanda ya zauna ba ya kai la'asar, sai ya tattara kayansa ya ce warin daddawa ya dame shi. Daga nan aka bar mata, ake share mata.

Balaraba ta karɓi silaid ɗin ta sake dubawa. Ta ce ita fa ba ta ganin komai.

"Ina za ki gani? Kin riga kin ce ba ta nan."

A gida ta daɗe gaban tafireta da yatsu a sama. Ba ta taɓa rubuta abin da idonta bai gani ba, kuskurenta na baya ma duk na rashin sani ne. Amma sana'ar yayanta ce a hannunta. Ta buga: Dije, mai sayar da daddawa, zaune a rumfarta a wata kasuwa kusa da madatsar Tiga, Jihar Kano, Nijeriya, 1999. A kalmomin nema ta sa tsohuwa, 'yar kasuwa, daddawa, faifai, tabarma, kallon kamara, mutum ɗaya. Ta ƙara cewa babu takardar izinin wadda ke cikin hoton, don haka na jarida da littafi ne kawai, ban da talla.

Amsa ta zo cewa gyara ya yi daidai, an gode da bayanin baƙaƙen ƙwallayen da ke kan faifan, da ma sun kasa gane su. Hotunan Ɗantani za su ci gaba da zama.

Don murna ya tafi da ita Kano, shagon kwamfutar da yake aika saƙo, ta ga aikinta da idonta. Mai shagon ya buga daddawa a wurin nema. Layin waya ya yi ta ƙugi, hoton ya riƙa saukowa a hankali daga sama: rufin kara, ginshiƙai, inuwa.

"Ikon Allah," in ji Ɗantani a hankali. "Ga ta kuwa."

Mai shagon ya yi dariya, ya ce tsohuwar nan da ganinta ba ta yin ragi, dubi yadda ta tsare mutum da ido.

Balaraba ta matso da kujera. Ga bayaninta a ƙasa, harafi bayan harafi yadda ta buga. A sama kuwa rumfa ce da tabarma. Ɗantani ya tambaye ta ko ta gani, ta ce hasken gilashin kwamfutar ne ya yi mata yawa. Sannan ta sunkuyar da kai, ta yi sallama can ƙasan maƙoshi yadda ba wanda zai ji.