Kuɗin Taki a Rijiya

Wayar Baba Ɗanhausa ta faɗa rijiya yana shayar da shanu. Ƙarama ce, mai tocila. Jiya ya sayar da ɗan maraƙi a kasuwar Sheme, ya ba mai POS kuɗin ya zuba mashi a asusun da ya buɗe da lambar wayar. Kuɗin taki ne, ga damina ta kankama a Ruwan Godiya.

Ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, ya yi ta lalube har ya fito da ita. Ya shanya ta a rana bisa rumbu, ta ƙi kamawa.

"Kuɗin sun jiƙe," ya ce wa ɗiyarshi Rifkatu.

"Baba, ba cikin wayar suke ba. Kamfanin ke riƙe da su da sunanka. Layinka da lambar sirrinka su ne makulli."

Ta zare layin, ta goge da zanenta, ta sa a tata wayar. Ta danna tauraro da lambobin kamfanin, zaɓi ya fito: tura kuɗi, sayen kati, biyan kuɗin wuta. Ba a buƙatar data.

"Kawo," in ji Baba. "Yau sai na iya da hannuna."

A hankali ya shigar da lambar asusun Malam Mas'ud mai taki, Rifkatu ta karanto sunan, ya juya mata baya ya danna lambar sirrinshi. Can Malam Mas'ud ya kira, ya ce buhu uku na tafe.

Baba ya dubi wandonshi da ke ɗigar ruwa. "Ashe ni kaɗai na jiƙe."