Madarar da Baffa Zai Sha

A watan Afrilu Baffa ya daina haɗiye tuwo. Ciwo ne a maƙogwaro. Likita a Azare ya ce a riƙa ba shi abu mai ruwa, duk wanda ya karɓa. Kunu kurɓa biyu yake yi ya kau da kai. Madara yake so. Shanunmu kuwa sun yi kudu da yayana tun bayan girbi, rugarmu da ke bayan Sakwa babu saniyar tatsa ko ɗaya.

Ni a Azare nake, a ƙaramar masana'antar madara ta Hajiya Zinatu. Ni ke tsaye a kan tukunyar ƙarfe da muke kira fasturaiza. Da safe ake kawo madara daga wajen Shira da Disina, ta masu ba shanunsu dusa da harawa. In tace, in ɗora, in kai ta digiri sittin da uku, in riƙe ta a nan minti talatin. Sai in sanyaya ta da sauri zuwa digiri huɗu, a ɗura a kwalaben roba, a sa a firji mai sola. Aikin ke nan.

Zuwana na farko madarar kwali na kai masa, wadda aka rubuta UHT a jikinta. Na san ba ta buƙatar firji. Adda Fadimatu, babbar yayarmu da ke jinyarsa, ta zuba masa a ƙoƙo. Ya shinshina, ya kurɓa, ya jima da ita a baki.

"Wa ya ƙona ta?"

"Ba ƙonewa ba ne, Baffa. Haka take."

"Shekara saba'in ina shan madara, Uzairu. Wannan ta ga wuta har ta manta uwarta."

Ya miƙo ƙoƙon. Wuyan hannunsa ya zama kamar na yaro.

Ranar Juma'a na koma da tamu, kwalba shida a kula da ƙanƙara, tafiyar awa biyu a babur. Ya sha ƙoƙo guda. Ya ce a ƙara. Da ya gama sai ya goge gemu ya ce saniyar nan harawar wake take ci. Adda ta juya baya tana share ido.

Da zan tafi na ce mata, "Ki ajiye sauran a sanyi."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na ga ƙanƙarar ta riga ta fara narkewa. Na san zafin bazara. Amma na ga ya sha, ban so in ɓata ranar da wata magana.

Sanyi a wurin Adda gindin randa ne. Ta binne kwalaben a jiƙaƙƙen yashi. Ta ga bakinsu a liƙe kamar na kwali, ta ɗauka hali ɗaya ne. Kuma tun tana yarinya ta san in madara ta kwana nono take zama, a dama a sha. Ba a zubar da ita a gidanmu.

Litinin ta kira ni ina kan tukunya. Ta ce Baffa ya sha jiya, tun daga nan yake amai da gudawa. Ta ce ta ɗanɗana ragowar, ba tsami ba ne, ɗaci ne da wari.

"Wace irin madara ce wannan da ba ta iya zama nono ba?"

Na ce ta haɗa masa ruwan gishiri da sukari, ina zuwa gobe.

Hajiya Zinatu ta ji wayar. Ta sauke tabarau.

"Kai da kake riƙe da ma'aunin zafi kullum, kai ne ka bar ta a gindin randa?"

Ta nuna mini kujera.

"Zauna. Zafin da muke ba ta na kashe ƙwayoyin cuta ne, da yawancin sauran. Masu mai da ita nono ma suna mutuwa a ciki. Amma akwai masu taurin kai da ke tsira. Firji ne ke riƙe su, shi ma mako guda. In ka cire sanyin, su kaɗai ne a fili, sai su ruɓar da ita."

"Na sani, Hajiya."

"Ka sani a tukunya, ba ka sani a gidanku ba. Ta kwalin kuwa sama da digiri ɗari da talatin da biyar ake kai ta, daƙiƙa kaɗan. Ba abin da ke rayuwa. A ɗura ta a kwalin da aka tsabtace, iska ba ta shiga. Wata shida tana kan kantar shago lafiya. Wannan zafin ne tsohon yake ji a harshe, bai yi ƙarya ba. Ba za ka sami daɗewar da ɗanɗanon a abu ɗaya ba."

Ta mayar da tabarau, sannan ta ce ɗakin da ke bayan masana'anta babu kowa. In Baffa zai zo, ga firji, ga madara kullum.

Washegari na sami Baffa a ƙarƙashin tsamiya, kwance a kan tabarma. Aman ya tsaya, amma kwana biyu ba abin da ya shiga cikinsa sai ruwan gishiri. Na tsuguna. Na gaya masa laifina ne. Sannan na gaya masa komai yadda yake: wadda yake so ba ta wuce 'yan awoyi a zafin nan in babu ƙanƙara, ni kuma ba zan iya zuwa kullum ba. Ko ya biyo ni Azare ya sha ta kowace safiya, ko ya zauna ya sha ta kwali.

"Ɗakin nan, ana ganin me ta tagarsa?"

"Katanga."

Adda ta ce, "Baffa, katanga ba ta cizo. Mu tafi."

Bai kalle ta ba. Yana kallon turakun da shanu suka bari a fili.

"In ruwa ya sauka za su dawo. In sun dawo, wa za su tarar?"

"Saura wata biyu," na ce.

"Kwalin naka yana kai wata biyu?"

"Yana wucewa. In ba a buɗe ba. In an buɗe, sai a shanye a lokacin, shi ma lalacewa yake."

Ƙananan kwalaye na sayo a wannan karon, katan guda, kowanne sha ɗaya. Na nuna wa Adda kwanan watan da ke jiki. Na ce duk wanda ya kumbura ta jefar, duk abin da ya rage a ƙoƙo ta zubar. Ta ɓata fuska da jin zubarwa. Na sake faɗa, a hankali, har ta ce ta ji.

Ta yanka bakin guda ta zuba. Muka ɗaga shi zaune. Ya yi bismilla, ya kurɓa, ya runtse ido. Haɗiyar ta ba shi wuya, na ga maƙogwaronsa yana motsi sau biyu kafin ta wuce.

"Har yanzu ƙonanniya ce," ya ce.

Ya sake kai ƙoƙon baki. Ban saki bayansa ba sai da ya shanye.